Abin da takarda ke faɗa game da robar ƙofar firij

A aikin gyaran firij, ƙorafin da aka fi kawo mana shi ne "ba ya sanyi kamar da", kuma yawanci mai kawo ƙorafin ya riga ya yanke hukunci cewa gas ne ya ƙare. Darasin farko da sana'ar nan ke koya wa mutum shi ne kada ya taɓa bututu sai ya duba ƙofa. Gas ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake yoyo, amma robar da ke kewaye da ƙofa tana tsufa a kowane firij, kuma duba ta ba ya cin komai sai yankin takarda.

Robar nan ba dunƙulalliya ba ce. In aka matsa ta da yatsa za a ji tana da naɗi kamar zugazugin maƙeri, sannan a cikin leɓenta akwai siririn maganaɗisu da ke kama ƙarfen jikin firij. Naɗin ne ke ba ta damar miƙewa ta cike tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, maganaɗisun kuma ya jawo ta ta manne. Da shekaru robar kan bushe ta sandare, naɗin ya kwanta ya ƙi tashi. Daga nan iska mai ɗumi da laima ta samu hanyar shiga, laimar ta daskare ta zama ƙanƙara a kusa da wurin, kwampireso, wato injin da ke tura gas, kuma ya yi ta aiki ba hutu. Mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo ya fi kowa jin wannan a jikinsa, domin da an ɗauke wuta kayansa sun fara narkewa tun kafin na maƙwabcinsa.

Gwajin kansa ba wuya. A yanko takardar A4 a tsaye, faɗinta kamar santimita 4 zuwa 5. A buɗe ƙofa, a ɗora takardar a kan fuskar jikin firij inda roba ke sauka, rabi a ciki rabi a waje, a rufe ƙofar yadda aka saba rufe ta ba tare da an danna ba. Sai a ja takardar a hankali. In ta yi tirjiya, hannu ya ji ana riƙe da ita, wurin lafiya lau. In ta zare salin-alin, ko ta zame ta faɗi da kanta, akwai kafa a nan. A sa alama da alli ko guntun salatif a jikin ƙofar, a matsa gaba kamar taƙi guda, a sake. Haka za a bi har a zagaye ƙofar, kuma kowace kusurwa a gwada ta ta ɓangarorinta biyu, domin a kusurwa aka haɗe robar, nan take fara tsagewa. Gefen hinji, wato inda ƙofar ke juyawa, shi mutane suka fi tsallakewa saboda hannu ba ya shiga da kyau, alhali nan ne robar ke gogar jiki duk buɗewa da rufewa.

Amma takarda ma tana yaudara, kuma wannan shi ne abin da sabon yaro a shago ba ya ganewa da wuri. Firiza mai aiki, in an buɗe ta aka rufe, iskar ɗumin da ta shiga takan huce nan take ta tsuke, sai ƙofar ta manne gam na ɗan lokaci. Wanda ya ja takarda a wannan lokacin zai ji tirjiya ko da robar ta lalace. Don haka a jira kamar minti guda bayan rufewa kafin a ja, ko a yi gwajin lokacin da firij ɗin ke kashe sanyinsa ya fita. Kaurin takarda ma na da tasiri: kwali ko takarda ninki biyu za ta cike kafar da kanta ta ba da shaidar zur. Akasin haka kuma, takardun kuɗi na leda, irin naira 10, 20 da 50, santsi gare su, sukan zame ko a roba mai kyau. Haka nan in roba ta yi danƙo da zoɓo ko lemon da ya zube ya bushe, takarda za ta maƙale ne saboda sukari, ba don robar na riƙewa ba. Shi ya sa gwajin da za a dogara da shi shi ne wanda aka yi bayan an wanke.

In sakamako ya rikice, a kunna tocila a ajiye ta cikin firij tana fuskantar ƙofa, a rufe, a kashe fitilar ɗaki. Duk inda haske ya leƙo, nan iska ke bi.

Alamun da aka sa a ƙofa su ne za su faɗi irin cutar, don haka a tsaya a dube su kafin a fara gyara. Wuri ɗaya ƙarami da ya faɗi gwaji, robar ce ta kwanta ko datti ya shiga. Gefe guda sukutum, ko kusurwa ɗaya da dogon yanki a kusa da ita, wannan ƙofar ce ta sauka ko ta murɗe, kuma ko an sa sabuwar roba ba za ta zauna ba. In kuwa ko'ina takarda na zarewa, robar ta yi tauri tana tsattsagewa, to ta gama yayinta.

A ɗauki misalin firij mai ƙofa biyu a shagon kayan sanyi, wanda aka cika aljihunan ƙofarsa ta ƙasa da manyan robobin ruwa. A ce an gwada wurare 16 a ƙofar, 12 sun riƙe, 4 sun saki, kuma duka huɗun suna kusurwar sama ta gefen mariƙi. In aka ja baya aka dubi ƙofar, za a ga tazarar da ke tsakaninta da ƙofar sama ta fi faɗi a gefen mariƙi fiye da gefen hinji. Nauyi ne ya sauko da ita, domin robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, guda shida sun kai kilo 9, kullum suna rataye nesa da hinji. Gyaran a nan ba na roba ba ne. A kwashe kayan ƙofa, a sassauta notunan hinji, wani ya ɗaga gefen mariƙi har tazarar ta daidaita, a ɗaure. In ƙofar gaba ɗayanta ta zauna ƙasa saboda washar da ke kan sandar hinjin ƙasa ta cinye, a ɗage ƙofar a sa wata mai kaurin milimita 1 ko 2. Sannan a duba ƙafafun gaba: a murza su har gaban firij ya ɗan fi bayansa tsawo kaɗan, yadda ƙofar da aka buɗe rabi za ta koma ta rufe da kanta. Bayan wannan sai a maimaita gwaji a wurare huɗun nan. Sau da yawa uku za su riƙe, ɗaya ya rage, saboda robar ta daɗe ba ta taɓa jiki a wurin ba har ta sandare a kwance.

Nan ne aikin roba ke shigowa, kuma da wanki ake farawa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, da tsohon buroshin haƙori. A buɗa naɗin da yatsa a goge cikinsa, musamman layin ƙasa inda ƙurar hunturu da ɓurɓushin abinci ke taruwa. A wanke fuskar ƙarfen da robar ke sauka a kai ita ma, a share da busasshen tsumma. Kada a kusanto da fetur, kananzir ko tina. Suna tsotse sinadarin da ke sa robar laushi, yau ta yi ƙyalli, bayan ɗan lokaci ta bushe.

Sai zafi. Robar tana laushi in ta ji ɗumi, kuma takan riƙe siffar da ta huce a kai. A riƙe na'urar busar da gashi nesa da ita kamar santimita 15, ana kaɗa ta gaba da baya na minti 1 zuwa 2, har robar ta yi laushi amma yatsa na iya jure taɓa ta. In babu wuta, tsumman da aka tsoma a ruwan zafi aka matse yana yin aikin, sai dai a maimaita sau uku ko huɗu. Tana da ɗumi a jawo leɓen waje da yatsu a hankali, a rufe ƙofa don maganaɗisu ya kama ƙarfe, a bar ta a rufe awa 2 ko fiye. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayar da zafi wuri ɗaya. Robar takan yamutse, farar robar cikin ƙofa ma ta kumbure, kuma wannan ba ya gyaruwa. Kyandir da wutar walda ba su da wuri a wannan aiki.

In wurin ya ƙi tashi duk da zafi, a ɗaga naɗin a cusa auduga kaɗan a bayansa, gwargwadon kaurin fensir, tsawon wurin da ya saki. Kaɗan-kaɗan ake sawa ana gwadawa, domin in ta yi yawa wurin zai yi tudu ya ɗage ƙofar, sai kafa ta buɗe a hagu da damansa. Kuma auduga na shan laima, dabara ce ta kafin a samu sabuwar roba. A gefen hinji, inda leɓen ke lanƙwashewa ciki idan ana rufewa, a shafa basilin siriri, iya abin da zai sa ya zame. Basilin ba ya toshe kafa, in aka lafta shi ƙura kawai zai tara.

Tsagewa ƙarama a kusurwa ana iya cike ta da ɗan silikon, a sa leda tsakaninsa da jikin firij kada su manne, a bar shi kwana guda. Sufa gulu kuwa yana bushewa da tauri, robar ta sake karyewa a gefensa. Idan tsagar ta kai har maganaɗisu ya leƙo ko ya kakkarye, canji kawai ya rage. A auna tsawo da faɗi daga wajen kusurwa zuwa wajen kusurwa, sannan a ɗaga robar a ga yadda aka kafa ta: wata tana da ƙafa da ake dannawa cikin kwari, wata notuna ne ke riƙe da ita a ƙarƙashin leɓe, wata kuma an haɗa ta da kumfar cikin ƙofa tun daga masana'anta, wadda cire ta aikin mai gyara ne. Zuwa kasuwa da guntun tsohuwar ya fi zuwa da awo kaɗai. Sabuwa takan zo a naɗe, don haka a jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar minti 10 ta miƙe, a fara kafa kusurwoyi huɗu kafin a bi tsakiya, in ba haka ba za a ƙare da rara a gefe guda.

Akwai abubuwa biyu da ake ɗora wa roba laifinsu ba nata ba. Ɗumin da ake ji a bakin jikin firij inda ƙofa ke sauka da gangan aka yi shi, bututu mai zafi ne aka bi da shi ta nan don hana gumi. Ruwan da ke kwanciya a ƙasan firij kuwa, in takarda ta riƙe ko'ina, a duba ramin magudanar da ke bangon baya daga ciki, galibi shi ne ya toshe.