Laraba, warin da ya dawo tare da damina

Ruwan daren jiya ya yi daɗi, mun yi barci har da bargo. Da asuba na shiga falo sai zarni ya tare ni a bakin ƙofa. Wurin nan ne dai, gefen doguwar kujera, inda magenmu Dabbare ta yi fitsari tun cikin sanyi. A lokacin na wanke da ruwan zafi da garin sabulu, na ɗauka an wuce wurin.

Umma ta fito ta shinshina, ta ce, "Ke ma dai, ki zuba bilic ki turara wurin, shi ke nan."

Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, bilic ba zai yiwu ba. In ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai ƙona ido da maƙogwaro, ga shi zai cinye launin kafet ɗin."

Ta ce su a zamaninsu mage ba ta hawa shimfiɗa. Ban ja ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Yaya ta faɗa min tun farko ruwa da sabulu ba za su isa ba. Fitsarin mage yana barin wani gishiri da ba ya narkewa sosai a ruwa. Yana maƙalewa a gindin zare da soson da ke ƙarƙashi, ya yi shiru muddin iska a bushe take. Da laima ta sauka sai warin ya tashi. Shi ya sa hunturu ya rufa min asiri, damina ta tona.

Na ɗauko robar maganin inzayim da Yaya ta kawo min. Shi ba ƙamshi yake rufe wari da shi ba, sinadaran cikinsa farfasa dattin suke yi har ya zama abin da zai fita. Amma sai ya taɓa fitsarin, kuma sai yana jiƙe yake aiki. Da ya bushe ya tsaya.

Da farko na zuba ruwan sanyi na danne da tsohon tawul har sau uku, don ragowar sabulun da na sa a baya tana iya kashe masa ƙarfi. Dannawa kawai, ba gogewa, gogewa baza shi take yi. Na ɗiga maganin kaɗan a lungun bayan labule na jira, launi bai canja ba. Da kafet ɗin na ulu ne da sai na duba ko an rubuta ya dace da shi, saboda inzayim mai cin furotin yana iya taɓa ulu.

Tabon da ido ke gani bai fi tafin hannu ba, amma da na ɗaga gefen kafet ɗin, shatar da ke ƙasa ta kai faɗin faranti. Nan gabana ya faɗi. Fesawa sama-sama ba za ta kai can ba, don haka na tsiyaya kusan kofi guda, na zarce shatar ta kowane gefe, har sai da soson ya sha. Na rufe da tawul mai danshi, na ɗora leda, na kashe fanka. A jikin robar an ce minti 15, amma tsohon tabo ne, na bar shi har la'asar. Sannan na danne, na bi da ruwa zalla saboda tsarki, tunda yara kan yi salla a wajen. Na kifa kwandon wanki a kai don kada Dabbare ta koma. Sai ya bushe ƙarau, jibi ko gata, zan san gaskiya. In da saura, a sake.

Abban yara ya kira, sai Juma'a. Tuwon dare, miyar kuɓewa.

Bayan magariba kuma Auta ta ƙwala kira, Dabbare ta yi amai a ɗakinsu. Wannan bai ba ni wuya ba tunda sabo ne. Na kwashe da cokali daga gefe zuwa tsakiya, ruwan sanyi, dannawa, sai maganin na minti 15. Wari ya tafi, amma ɗan ja-ja ya rage, launin abincin gwangwanin da ta ci ne, kuma inzayim ba ya cire rini.

Yanzu ina kwance, hankalina ya bar kan kafet. Sau biyu yau na ga Dabbare ta tsuguna a kwanon yashinta ta daɗe, abin da ya fito ɗan kaɗan. Ga amai kuma. Mage mai tsafta ba ta barin yashinta haka kawai, sau da yawa ciwon mafitsara ne. Tana shan ruwa, fitsarin ma yana fita, shi ya sa zan iya kai safiya. Ƙarfe 8 za mu tafi wurin likitan dabbobi, in Allah ya kai mu. Ta zo ta kwanta a ƙafata, ban kore ta ba.