Shekara uku ina biyan takaful ɗin mota: yadda na gane lissafin rara

Na daɗe ina sabunta inshorar motata ta gargajiya ba tare da na taɓa karanta takardar ba. In shekara ta zagayo in biya, in jefa takardar a aljihun mota. Zuciyata dai ba ta taɓa kwanciya da abin ba, domin na sha jin malamai suna cewa akwai garari a ciki, wato rashin tabbas: ka ba da kuɗi, ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, ba ka kuma san nawa ba. Ga batun kuɗin ruwa a inda kamfani ke juya kuɗin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ce mafita. Don haka na koma takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya. Amma in faɗi gaskiya, akwai wani abin da ya ƙara ja na: an ce mini in ban yi hatsari ba, za a mayar mini da wani abu a ƙarshen shekara.

Ranar da na je sa hannu, abin da na biya bai bambanta sosai da na da ba, kariyar ma iri ɗaya ce: hatsari, gobara, sata, da ɓarnar da ka yi wa wani. Bambancin yana inda kuɗin ke tafiya. A inshorar gargajiya, da zarar ka biya kuɗin ya zama na kamfani. Shi ya sayi haɗarinka, in diyya ta yi yawa asararsa ce, in ta yi kaɗan ribarsa ce. A takaful kuwa, ma'aikacin ya ja layi a bayan takarda ya raba kuɗina biyu. A cikin kowace 100 da na biya, 30 ladan wakilci ne, haƙƙin kamfani na gudanar da aiki. Sauran 70 tabarru'i ne, kyauta ce da na zuba a asusun da mu masu motoci muka haɗa, wanda daga ciki ake gyara wa duk wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ya ce, "Yallaɓai, asusun nan ba namu ba ne, naku ne. Mu masu riƙo ne kawai." Na gyaɗa kai, amma a raina ina ta lissafin cewa in shekara ta wuce lafiya, kusan 70 ɗin nan za ta dawo.

Ba ta dawo ba. Wata biyar bayan rufe shekarar kuɗi ta kamfanin, saƙo ya shigo wayata cewa rabona na rara ya fito: 4 a cikin kowace 100. Na yi ta duba lambar ko an manta da sifili.

Na koma ofishin da ƙorafi, kuma a nan na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Wata ma'aikaciya ta buɗe mini rahoton asusun, muka bi shi layi-layi. A cikin 70 da kowa ya zuba, kimanin 40 sun tafi wajen biyan diyyar waɗanda suka yi hatsari. An ba da 9 ga babban kamfanin takaful da ke tsaya wa asusun in asara ta fi ƙarfinsa. An ajiye 15 saboda abubuwa biyu: hatsarin da ya riga ya faru amma ba a gama biyansa ba, da kuma mutanen da wa'adin kariyarsu ya tsallaka zuwa sabuwar shekara. Saura 6. Kuɗin asusun da aka juya a harkokin halal ya kawo 2 bayan kamfani ya cire kasonsa na mudaraba, wato rabonsa a ribar juya kuɗin, suka zama 8. Wannan 8 ɗin ita ce rarar. Aka bar rabi a asusu don baƙar shekara, aka raba rabi.

Kuskurena shi ne na ɗauki tabarru'i kamar ajiya. Ba ajiya ba ce, na bayar ne. Ni ban yi hatsari ba, amma wasu sun yi, kuma da kuɗina aka ɗaga su. Da a ce kowa zai karɓe nasa cif, ai babu abin da za a gyara motar kowa da shi. Daga ranar na daina ganin 4 ɗin nan a matsayin ƙwaruwa.

A shekara ta biyu, ina ja da baya na daki ginshiƙi, fitilar baya ta fashe, bamba ta lotsa. Ban yi wani tunani ba na kai rahoto. A ma'aunin 100 ɗin nan, gyaran ya ci 25. Sai dai yarjejeniyar ta ce 15 na farko a kan kowane hatsari ni zan ɗauka, don haka 10 kawai asusu ya biya. Da lokacin rabo ya yi, aka ba mutane 5, ni ban samu komai ba, kuma rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba ya zube a sabuntawa ta gaba. Da na haɗa biyun, sun haura 10 ɗin da na karɓa.

Ashe hanyoyin rabon sun bambanta. Akwai inda ake raba wa kowa gwargwadon abin da ya biya, ya karɓi diyya ko bai karɓa ba. Akwai inda sai wanda bai karɓi komai ba. Akwai kuma inda ake cire diyyar da ka karɓa daga gudummawarka, a ba ka rabo a kan abin da ya rage. Da wannan ake bi, da an lissafa mini a kan 90 maimakon 100. Tawa yarjejeniyar ta biyun ce, an rubuta ƙarara a shafi na shida, ni ne ban karanta ba. A ganina ta ukun ta fi adalci, domin bai kamata wanda ya fasa fitila ya zama ɗaya da wanda motarsa ta ƙone ƙurmus ba. Yanzu in gyara ya ɗan haura kason da ke kaina kaɗan, ina sanar da kamfani abin da ya faru kamar yadda yarjejeniya ta ce, amma in biya daga aljihuna.

Shekara ta uku ban ko goga motar ba, amma babu wanda ya ga rara. Diyya ta cinye asusun har ya yi giɓi. A nan kamfani ya ba asusun bashi marar ruwa, ƙardul hasan, aka biya kowa haƙƙinsa. Ba a ce mu ƙaro kuɗi ba, sai dai rarar shekaru masu zuwa za ta fara biyan bashin nan kafin ta iso hannunmu.

Wani abu da na gano daga baya shi ne ba kowane kamfani ke barin rarar duka ga mahalarta ba. Ƙa'idar AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta ce rara ta mahalarta ce, amma a ƙasashe irin su Malesiya an yarda kamfani ya ɗauki wani kaso a matsayin ladan ƙwazo. Haka kuma ladan wakilci mai yawa yana rage abin da ke shiga asusu tun daga tushe.

Da na je sabuntawa a bana, ban ciro kuɗi ba sai da na sa aka nuna mini a rubuce nawa ne ladan wakilci, ta wace hanya ake raba rara, da kuma nawa ya rage na bashin da ke kan asusun. Ma'aikaciyar ta ce saura kusan rabi. Na sa hannu, na san ba na jiran saƙo a bana.