Alhamis, ranar awon tamowa

Yau tun bakwai da rabi rumfar asibitinmu ta cika, haka dai take duk damina idan hatsi ya ja baya a rumbu, ga mutanen da suka baro ƙauyukansu sun ƙaru a garin. Yara biyu ne suka tsaya min a rai, sun zo a jere kuma.

Ta farko yarinya ce 'yar wata 10, kilo 5 da ɗan kai. Na zagaya tef ɗin awo a damtsenta ya tsaya kan 10.6, ja kenan, tunda duk abin da ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Haƙarƙari a waje, fuska ta tsotse, fatar ɗuwawu ta yi laɓa-laɓa tana lilo. Amma idonta tar, tana bin hannuna da kallo, da na matsa mata ledar gyaɗar nan ta tamowa ta kama da hannu biyu. Wannan shi ne marasmus a littafi. Nono ya yi ƙaranci, ga gudawa, komai na abinci ya gaza, sai jiki ya juya ya cinye kitsensa ya koma kan tsoka. To ita tsokar da ke narkewa ita ke ba hanta ɗan furotin ɗin da take aiki da shi, shi yasa jininta bai rasa albumin, wato furotin ɗin da ke riƙe ruwa a jijiyar jini, sosai ba kuma ba ta kumbura ba. Ta ci gwajin cin gyaɗar, ba zazzaɓi, na ba uwar ledoji na sati da amoksisilin suka tafi.

Na bayanta shi ne ya tayar min da hankali. Ɗan shekara 2, kakarsa ta kawo shi, ita ma ba don abinci ba, wai fatar cinyarsa ce ke saɓulewa a ba ta man shafawa. Sikeli ya ce kilo 9, tef ya faɗa kore. Kumatu cike. Tace min "Malama wanga ai ƙiba gare shi, ƙyuya ce kawai." Nace Inna bari dai in ga ƙafa. Na danna babban yatsa a bayan ƙafafun duka biyu na ƙirga uku, na ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Ƙwauri haka, hannu haka, fatar ido ma ta kumbura. Gashi ya yi ja-ja ya yi laushi, na ɗan shafa sai ga shi a tafina. Shi kuwa yana zaune shiru bai kula kowa, ka taɓa shi ya yi wani kuka siriri, na kai masa gyaɗar baki ya kau da kai.

Na tambayi me yake ci. An yaye shi da uwar ta samu ciki aka kawo shi gun kaka, koko da safe, tuwon dawa da miyar kuka da dare, wake da nono sai sa'a, kuma ya yi baƙon dauro watan jiya. Kwashiyoko kenan. Ciki na samun ɗan abin da zai riƙe shi, amma na gina jiki babu, hanta ta rasa abin haɗa albumin, shi kuwa albumin shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyar jini, da ya yi ƙasa sai ruwan ya tsiyaye ya taru ƙarƙashin fata. Kitse ma sai furotin ya ɗauko shi yake fita daga hanta, don haka ya taru ta kumbura, na lalubo ta ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Ko da yake furotin ba shi kaɗai ne labarin ba, cuta na da hannu sosai, sau nawa muke ganin 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya wani ya rame wani ya kumbura.

Wallahi sai da na sha fama kafin Inna ta yarda ita 'yar ramammiyar ce za ta koma gida, nata mai kumatu kuma kwanciya za a ba shi a Gusau. Kumburi ya kai fuska kuma bai ci, wannan ba na gida ba ne. Na ja mata kunne kar a biya kemis a sayi maganin sa fitsari wai don kumburi ya saɓe, yana iya kashe shi, haka maganin ƙarin jini ba yanzu ba. Kuma kar a ɗura masa ƙwai da nama don an ji na ce furotin, hanta da zuciyar sun gaji ba za su ɗauka ba. Can madarar F-75 za su fara ba shi kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku har da dare, a lulluɓe shi saboda sanyi da faɗuwar suga.

Na kuma gaya mata tun yanzu, kwanakin farko nauyinsa raguwa zai yi, ruwan ne ke fita, za ta ga ainihin ramar da ke ƙasa, kar ta ce asibiti sun ƙarar mata da jika ta ɗauke shi. Na ba shi ruwan suga ya kurɓa, na rubuta takarda, ɗanta ya zo da mashin wajen azahar suka kama hanya.