Dubu goma sha shidan da Yaya ya raina

Ni ba na cin kuɗin ruwa, shi ya sa da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari ta halal, a 2017 na kwashi ɗaukar adashina, naira dubu 200, na saya. Kuɗin haya ake biya, kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, har shekara bakwai. Duk wata shida naira 16,470 ke shigo mini.

Yayana, wanda ke harkar dabbobi a Kasuwar Kara nan Sakkwato, dariya ya yi. "Wannan ai kuɗin cefane ne, ka bari ka tara mai kauri tukuna." Har yau maganar na yi mini ciwo, don shi ya fi kowa sanin cewa tunkiyar da aka bar wa 'ya'yanta su ma suka haihu ita ke cika garke.

Sukuk ba ya mayar maka da riba cikin uwar kuɗi. Asusunka take faɗawa, kuma abin da ya kwana a can ƙanƙara da katin waya ne ke cinye shi. Ni ranar da ta shigo nake tura ta wani asusun zuba jari na halal. Da cefanen na yi da ita, uwa da riba dubu 430 ke nan a shekara bakwai. Da a ce kowace riba ta ci gaba da kawo kashi 16.47, da an wuce dubu 600. Nawa bai kai haka ba, ribar asusun hawa da sauka take yi, amma ya bar dubu 430 a baya.

Yaya sai da ya kai shekara 42 ya fara, da dubu 600. Ni ina da 30 na fara. Na ce, "Yaya, raba 72 da ribar shekara, za ka ga shekarun da kuɗi ke ɗauka ya ninka." In riba kashi 12 ce, shekara shida ke nan. Kafin in kai 54 dubu 200 ɗina ta ninka sau huɗu: 400, 800, miliyan 1.6, miliyan 3.2. Nasa sau biyu kawai zai ninka kafin 54, ya tsaya a miliyan 2.4. Ninkin ƙarshe kaɗai ya kawo miliyan 1.6, kuma shi ne wanda mai jiran kuɗi ya yi kauri ke rasawa.

Sai dai lissafin takarda ne. A 2024, shekarar da aka mayar mana da uwar kuɗin, hauhawar farashi ta haura kashi 30, wato ribar ba ta kamo tsadar gero ba. Yaya ya kama wannan ya riƙe gam, kuma yana da gaskiya. Amma dubu 200 da aka ɓoye a akwati ana jiran ta yi kauri, ita ma tsadar ta ci ta, ba ta haifi ko sisi ba. Da na faɗa masa haka, cewa ya yi in je in duba farashin rago.