Injin niƙa mai karkarwa

Yau a garejinmu na Garoua aka kawo injin niƙa, karkarwa yake kamar mai zazzaɓi. Sau biyu mai shi yana canza boris, a banza. Maigida ya ce, "Yaro, cire bel, ka tayar da injin shi kaɗai." Na tayar, lafiya lau. Ashe matsalar tana ɓangaren niƙa.

Na kafa alli dab da sandar da ke ɗauke da fuli, wato wilin da bel ke juyawa, na juya ta da hannu a hankali. Gefe guda kawai allin ya taɓa. Na cire ta na mirgina a kan gilashi, tana tafiya tana ɗingishi, haske na wucewa ta ƙarƙashinta. Lanƙwasar ba ta kai milimita 1 ba, amma ita ke cinye boris. Ina zargin ɗaure bel da ƙarfin tsiya ne ya jawo.