Talata: wasiƙar matar aminina zuwa kotu

Yau da hantsi matar aminina marigayi, wadda ta fita takaba makon jiya, ta zo da ƙaninta da wasiƙar da aka rubuta mata, tana roƙon kotu ta naɗa ta mai kula da dukiyar da mijinta ya bari. Banki ya ƙi sakin kuɗin asusunsa, kamfanin fansho ma ya ce sai an kawo takardar izini daga kotu, domin marigayin bai bar wasiyya a rubuce ba. Tun da na yi aikin rajista a kotu kafin na yi ritaya, sai ta ce, "Malam, ka duba mana kafin mu kai."

An yi daidai da aka rubuta wasiƙar zuwa ga magatakardan sashen gado na Babbar Kotun Jiha, kuma an ambaci sunan mamacin da ranar rasuwarsa. Matsalar tana sakin layi na biyu, inda aka lissafa ita da 'ya'yanta uku kawai a matsayin magada, aka bar uwargidanta da 'ya'yanta biyu, aka kuma bar mahaifiyar marigayin wadda tana raye.

Na ce mata, "Hajiya, takardar da kike nema daga kotu ba ta mallaka wa kowa komai." Izini ne na tattara dukiya, a biya bashi, sannan a kai saura inda za a raba bisa shari'a. Idan bayan biyan bashi naira miliyan 4 ta rage, tumunin takaba dubu 500 ne, kuma ita da uwargida za su raba shi daidai, kowacce dubu 250, mahaifiya ta ɗauki sudusi, sauran ya tafi ga 'ya'ya. Ɓoye suna ba zai ƙara mata kwabo ba, sai dai ya jawo tsaiko, domin ana buga sanarwa a jarida, kuma duk magajin da ya shigar da ƙorafi cikin kwana 21, magana ta tsaya sai an saurare shi. Na sha ganin fayil ya shekara a kan wannan kaɗai.

Muka sake rubutawa. Muka jera magada duka da dangantakar kowa da mamacin, muka nuna waɗanda ba su balaga ba, kuma saboda su muka sa babban ɗan uwargida a matsayin mai kula na biyu, tun da kotu ba ta son damƙa haƙƙin marayu a hannun mutum ɗaya. Muka lissafa asusun banki da na fansho, da bashin da ake bin sa.

Ta ɗan yi jim da ta ji sunan ɗan uwargida, amma ta amince. Gobe ƙaninta zai karɓo takardar shaidar rasuwa, ita kuma za ta nemo mutum biyu da za su tsaya mata.