Mako na shida: inda gilashin ya tsage, da dalili

'Yan uwa masu koyo, makon jiya na yi asarar kofin tangaran guda biyu saboda gaggawar buɗe murhun gashi, shi ya sa wannan makon na ajiye yumɓu na koma gwaji da gutsattsarin gilashi, don shi ana ganin tsagarsa da ido.

Ga yadda na yi. Na yanka gilashin taga mai kaurin milimita 4 gida shida, na sa a tanda minti 20 don zafin ya ratsa har ciki, sannan na riƙa ɗauko ɗaya da awartaki ina jefawa cikin ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Na sa tabarau da safar hannu, ku ma kada ku yi wasa da wannan. Da zafin tanda yake digiri 60, babu abin da ya faru. A 80 ɗaya ya tsage daga gefe. A 100 duk wanda na jefa sai ya yi ƙas, tsaga ta bazu kamar saƙar gizo.

Da na ɗauka zafi ne ke fasa abu, ashe bambancin zafi ne tsakanin fatar waje da cikin. Idan gilashi mai zafi ya faɗa ruwa, fatar ce ke fara sanyi, tana son ta tsuke, amma cikin yana nan da zafinsa, ya ƙi ba ta hanya. Sai fatar ta ɗame. Gilashi da tangaran kuwa suna jure matsi ƙwarai, amma ba sa jure ja. Shi ya sa sanyayawar farat ɗaya ta fi ɗumamawar farat ɗaya haɗari: wajen ɗumamawa fatar matsewa take yi, ƙananan tsagogin da ke kanta ma rufewa suke.

Akwai lissafi mai sauƙi na iyakar bambancin da abu zai ɗauka:

ΔT = σ(1 − ν) / (Eα)

σ ƙarfin jure ja ne, E tauri, α yawan buɗewa a kan kowane digiri, ν kuma ɗan gyara ne, wajen 0.22 a gilashi. Gilashin taga yana buɗewa kashi 9 cikin miliyan a kowane digiri, taurinsa wajen megafaskal 70,000, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin matsi ko ja da shi. Idan aka haɗa, kowane digiri ɗaya na bambanci yana ɗora wa fatar ja na kusan megafaskal 0.8. In muka ɗauka ƙarfinsa 50 ne, iyakar ta faɗo wajen digiri 60. Ruwana 20, tandata 80: daidai inda na farko ya tsage. Na yi murna, ko da yake da guda shida kacal ba a cika baki.

Gilashin borosiliket, irin na ɗakin gwaje-gwaje, bai fi na taga ƙarfi wani abin a zo a gani ba. Buɗewarsa ce kashi 3.3 cikin miliyan kawai, sai iyakarsa ta ninka kusan sau uku. A ganina, cikin abubuwan nan buɗewa ce uwa.

Ƙarfi kuwa ba shi da tabbas. Wanda ya tsage a 80 ɗin, da na duba gefensa sai na ga daga wata 'yar ɓantara ta wurin yanka tsagar ta tashi. Na goge gefen wasu biyu da takardar yashi mai laushi, suka tsallake 80 lafiya. Ja yana taruwa ne a bakin ƙarzuwa, don haka mafi munin tabon da ke jikin abu shi ke yanke masa ƙarfi.

Saurin ratsawar zafi bai fito a lissafin ba, domin an gina shi ne a kan cewa fatar ta yi sanyi nan take. Idan sanyin a hankali yake zuwa, kamar a iska, nan ne yake aiki: abin da zafi ke ratsa shi da sauri, ciki da waje suna tafiya tare. Gilashi da yumɓu gasasshe duk masu nawa ne a nan, saboda haka kauri abokin gaba ne. Kofunana masu kaurin gindi ne da siririn baki, kuma a mahaɗar nan suka tsage.

Na kuma gane lokacin da abin ya faru. Bakin tsagar yana da kaifi, rufin ƙyallin bai narke ya lulluɓe shi ba, wato bayan ya daskare ne, wajen sanyi. Yashin da ke cikin yumɓu yana tsukewa kwatsam a digiri 573, wani nau'insa kuma wajen 220, ni kuwa a 300 na buɗe ƙofa. Gashi na gaba ba zan taɓa ta ba sai ma'auni ya sauka ƙasa da 100, kuma zan cuɗa dakakken tsingaro a rabin yumɓun, in ga ko zai tare tsaga kafin ta yi nisa.